Ma'aunin Daidaito da Juyi Huɗu a Bishiyar AVL: Tambayoyi da Amsoshi

Mece ce bishiyar AVL, kuma wace matsala aka ƙirƙiro ta don magancewa?

Bishiyar bincike mai rassa biyu tsari ne na ajiye lambobi a kwamfuta, kowace lamba a mazauninta da ake kira gaɓa, bisa ƙa'ida guda: duk lambar da ta gaza wadda ke kan gaɓa sai ta bi hagu, wadda ta fi ta kuma ta bi dama. Idan lambobin suka shigo a gauraye, bishiyar kan yi faɗi ba ta yi tsawo sosai ba, nema ya yi sauri. Amma ka zuba mata 1, 2, 3, 4 har zuwa 1000 a jere ka gani. Kowace sabuwa dama za ta bi, sai ka wayi gari da igiya mai hawa dubu, ba bishiya ba. Neman lambar ƙarshe sai an taka gaɓoɓi dubu ɗaya bayan ɗaya.

Georgy Adelson-Velsky da Evgenii Landis, masana lissafi na Tarayyar Sobiyet, su ne suka wallafa maganin wannan a shekarar 1962, kuma daga sunayensu aka samo haruffan AVL. Sharaɗinsu ɗaya ne: a kowace gaɓa, kada tsawon reshen hagu da na dama su bambanta da fiye da hawa ɗaya. Da zarar sabuwar lamba ta karya wannan sharaɗi, sai a gyara da abin da ake kira juyi.

Mene ne ma'aunin daidaito, kuma yaya ake lissafa shi?

Lamba ce da kowace gaɓa ke da tata: tsawon reshenta na hagu a ɗebe tsawon reshenta na dama. A nan tsawo na nufin yawan hawa daga kan reshen zuwa ganyensa mafi nisa. Gurbin da babu komai tsawonsa 0, ganye kuma, wato gaɓar da babu kowa a ƙarƙashinta, 1.

```python
def h(n):
    return n.height if n else 0

def update(n):
    n.height = 1 + max(h(n.left), h(n.right))

def bf(n):
    return h(n.left) - h(n.right)
```

Idan sakamakon ya ba da +1, hagu ya ɗara da hawa ɗaya. Idan -1 ne, dama ce ta ɗara. Sifili kuwa kunnen doki. Waɗannan uku duk lafiyayyu ne. Matsala tana farawa ne daga +2 ko -2.

Ga bishiyar da za mu riƙa dawowa kanta, wadda aka gina da 50, 30, 70, 20, 40:

```
      50
     /  \
   30    70
  /  \
 20   40
```

Ganyayyaki uku, wato 20, 40 da 70, ma'auninsu 0. Gaɓar 30 ma 0, domin ɗaya ne ta hagu, ɗaya ta dama. Ita kuwa 50 tana da hawa biyu ta hagu, ɗaya ta dama, ma'auninta +1 ke nan. Bishiyar ta karkata amma ba ta karya doka ba.

Na ga wasu littattafai suna cewa dama a ɗebe hagu. Wanne ne daidai?

Duka biyun. Alamar ce kawai ke sauyawa: abin da ya zama +2 a nan, can -2 ne. Haka wasu ke ba ganye tsawo 0, gurbin da babu komai -1, kuma bambancin ba ya canzawa. Inda ake shiga uku shi ne a ɗauko lissafin ma'auni daga wannan littafi, a ɗauko sharuɗɗan juyi daga wancan. Sai manhajar ta riƙa juyawa ta ɓangaren da bai dace ba, ko ta yi ƙoƙarin juya gaɓar da ba ta da ɗa ta wajen. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. A wannan shafi hagu a ɗebe dama ne daga farko har ƙarshe.

Daidaiton yana nufin yawan gaɓoɓin hagu da na dama su zo ɗaya?

A'a, tsawo ake aunawa, ba a ƙirga kawuna. Dubi wannan:

```
      20
     /  \
   10    40
   /    /  \
  5    30   50
              \
               60
```

Gaɓoɓi biyu ne ta hagu, huɗu ta dama, amma babu inda ma'auni ya kai 2. Gaɓoɓi bakwai a hawa huɗu, alhali hawa uku za su iya ɗaukarsu, kuma duk da haka AVL ce ingantacciya. Hasali ma bakwai shi ne mafi ƙarancin adadin da zai iya tsayar da AVL mai hawa huɗu. Mafi ƙarancin gaɓoɓi na kowane tsawo yana tafiya ne haka: 1, 2, 4, 7, 12, 20, 33. Kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce a ƙara ɗaya, wato dangin jerin Fibonacci. Daga nan ne aka gano cewa tsawon AVL ba ya wuce wajen `1.44 log2(n)`, inda `n` yake yawan gaɓoɓi. A aikace, lambobi miliyan ɗaya suna buƙatar aƙalla hawa 20, kuma AVL mafi munin siffa ba za ta wuce hawa 28 ba.

Bayan na saka sabuwar lamba, waɗanne gaɓoɓi zan duba?

Waɗanda ka taka a hanyarka ta sauka kaɗai, wato uwar sabon ganyen, da kakarsa, har zuwa tushe. Sauran bishiyar babu abin da ya taɓa ta. Za ka fara daga ƙasa kana hawa, kuma a kowace gaɓa ɗayan abu uku ne zai faru.

Idan ma'auninta ya koma 0, to da ma a karkace take, sabon ganyen ya cike gajeren ɓangaren ne. Tsawonta bai ƙaru ba, don haka na sama da ita ba su ma san an yi ba. Nan za ka tsaya. Idan ya tashi daga 0 ya koma +1 ko -1, gaɓar lafiyarta ƙalau, amma tsawonta ya ƙaru da ɗaya, dole ka hau ka sanar da uwarta. Idan kuwa ya kai +2 ko -2, to nan ne wurin juyi.

Gwada da 80 a bishiyarmu ta farko. Za ta sauka a damar 70. Ma'aunin 70 ya tashi daga 0 zuwa -1, sai a hau. Na 50 ya sauko daga +1 zuwa 0, sai a tsaya. Ba a yi juyi ko ɗaya ba, bishiyar ma ta fi dā kyau.

Ka lura cewa ba za ka taɓa ganin +3 ba a manhajar da ke aiki daidai, domin ganye ɗaya ba ya ƙara wa reshe fiye da hawa ɗaya. Ranar da 3 ta bayyana, akwai gyaran da aka tsallake a baya, ko tsawon da aka ajiye ba daidai ba.

Me ya sa yanayin huɗu ne, ba biyu ko takwas ba?

Domin taku biyu kawai ake dubawa daga gaɓar da ta karye. Mu kira ta z. Ɗanta na ɓangaren da ya yi tsawo shi ne y, ɗan y na ɓangaren da ya yi tsawo kuma x, wato jikan z. Daga z zuwa y ko dai hagu ko dama, daga y zuwa x ma haka. Biyu sau biyu huɗu: LL, RR, LR, RL. Harafin L hagu yake nufi, R dama, na farko takun farko, na biyu taku na biyu.

Ba sai ka bi sawun sabuwar lamba kafin ka gane yanayin ba, alamomin ma'auni sun isa. Idan z tana +2, y yana +1, LL ne. Idan z tana +2, y yana -1, LR ne. Sauran biyun hoton madubi ne: -2 da -1 RR, -2 da +1 RL. A taƙaice, idan alamar uwa da ta ɗa iri ɗaya ce, hanyar a miƙe take, juyi ɗaya ya wadatar. Idan suka saɓa, akwai gwiwa a hanyar, sai an yi biyu.

Ni dai ina ganin haddar tebur mai layi huɗu ba ta da amfani sosai, mutum kan manta da ita cikin mako. Abin da ke zama a kai shi ne wannan: ka jera z, y da x daga ƙarama zuwa babba, ta tsakiya ita za ta hau sama, ƙaramar ta zauna a hagunta, babbar a damarta. A LL da RR, y ne na tsakiya. A LR da RL, x ne. Duk yanayin huɗu siffa guda suke ƙarewa da ita.

A nuna mini LL da ainihin lambobi.

Saka 10 a bishiyarmu ta farko. Ta gaza 50, ta gaza 30, ta gaza 20, sai ta zauna a hagun 20. Muna hawa: 20 ta koma +1, 30 ta koma +1, 50 ta kai +2 saboda hawa uku ta hagu, ɗaya ta dama. Ke nan z ita ce 50, y kuma 30, alamominsu iri ɗaya. Maganin shi ne juyi zuwa dama a kan 50: 30 ta hau, 50 ta sauko ta zama 'yarta ta dama.

Akwai abu ɗaya da ya rage, kuma shi ne yake kayar da masu koyo. Gaɓar 30 da ma tana da 40 a damarta, ga shi yanzu 50 za ta zauna a wannan gurbi. Ina 40 za ta? Ta fi 30, ta gaza 50, don haka wurinta ɗaya ne tak: hagun 50, gurbin da 30 ta bari.

```
      30
     /  \
   20    50
  /     /  \
 10    40   70
```

Karanta lambobin daga hagu zuwa dama: 10, 20, 30, 40, 50, 70. Jerin bai sauya ba, kuma wannan shi ne sharaɗin kowane juyi. Siffa ake canzawa, ba a taɓa tsari. Ma'aunin 30 da na 50 duk sun koma 0, kuma haka yake kullum bayan juyi ɗaya na sakawa.

```python
def rotate_right(z):
    y = z.left
    z.left = y.right
    y.right = z
    update(z)
    update(y)
    return y
```

Manuni biyu aka sauya a ciki, na uku shi ne na uwar z, wadda yanzu za ta riƙe y. Ko bishiyar na da gaɓoɓi goma ko miliyan goma, aikin juyin ke nan.

RR fa?

Madubi ne. Saka 10, 20, 30 a jere: 10 ta kai -2, 20 tana -1, sai a juya zuwa hagu a kan 10, 20 ta hau. Don rubuta `rotate_left`, ɗauki `rotate_right` ka musanya `left` da `right` a ko'ina. Abin lura kawai, sunan yanayi da sunan juyi a saɓe suke: RR da juyin hagu ake gyara shi, LL da juyin dama. Sunan yanayin yana faɗar inda nauyi ya taru, sunan juyin yana faɗar inda z za ta gangara.

Me ya sa juyi ɗaya ba ya gyara LR? Ai hagu ne ya yi nauyi kamar a LL.

Gwadawa ta fi bayani. Koma bishiyarmu ta farko ka saka 35. Ta bi hagun 50, damar 30, hagun 40.

```
        50
       /  \
     30    70
    /  \
   20   40
        /
      35
```

Muna hawa: 40 ta koma +1, 30 ta koma -1, 50 ta kai +2. Bari mu yi kuskuren da gangan, mu juya dama a kan 50 kai tsaye. Gaɓar 30 ta hau, 50 ta sauko, reshen da ke damar 30 ya koma hagun 50 kamar yadda 40 ta yi ɗazu. Sai dai wannan karon reshen da ya ƙaura shi ne dogon, yana ɗauke da 40 da 35. Yanzu 30 tana da hawa ɗaya ta hagu, uku ta dama: -2. An gudu ba a tsira ba, LR ce kawai ta koma RL.

Dalilin a fili yake. Juyi zuwa dama yana ɗaga reshen can waje, wato hagun y, da hawa ɗaya, yana sauke damar z da hawa ɗaya. Amma reshen tsakiya, wanda lambobinsa ke tsakanin y da z, zurfinsa ba ya canzawa: jika ne kafin juyi, jika ne bayansa. Idan a cikinsa tsawon yake, ƙaurar da shi ba ta rage komai. Sai an farke shi gida biyu, kuma aikin juyi biyu ke nan.

Da farko a juya hagu a kan y, wato 30. Gaɓar 40 ta hau, 30 ta zama 'yarta ta hagu, 35 ta koma damar 30. Gwiwar ta miƙe: 50, 40, 30 sun jeru ta hagu, an koma LL. Sannan a juya dama a kan z, wato 50.

```
      40
     /  \
   30    50
  /  \     \
 20   35    70
```

Cikin 30, 40 da 50, ta tsakiya ce ta hau, kamar yadda aka faɗa. 'Ya'yan x kuma rabon gado aka yi musu: na hagu ya tafi wurin y, na dama ya tafi wurin z. A nan 40 ɗan hagu kaɗai gare ta, shi ya sa 30 ta samu 35, hagun 50 ya zauna babu kowa.

Idan ma'auni nake ajiyewa ba tsawo ba, me zan rubuta bayan juyi biyu?

Ma'aunin x yana komawa 0 ko da yaushe. Na y da na z kuwa sun dogara da yadda x yake kafin juyin. A misalin 35, x yana +1, sai y ya koma 0, z ta koma -1, domin ita ta samu gajeren kaso. Da 45 muka saka a madadin 35, x zai kasance -1: 45 ta tafi hagun 50, damar 30 ta zauna babu kowa, sai 30 ta zama +1, 50 ta zama 0. Idan kuma x shi kansa ne sabon ganyen, kamar a 30, 10, 20, ma'auninsa 0 ne, duka ukun su koma 0.

Ribar wannan hanya ita ce ma'auni mai ƙima uku bai buƙatar fiye da bit biyu a kowace gaɓa. Amma ga mai koyo, ajiye tsawo ya fi kwanciyar hankali: `update` ya isa, ba ka buƙatar tuna waɗannan ƙa'idoji ko kaɗan.

Yaya RL take?

Ɗauki bishiya mai tushe 20, da 10 a hagu, 40 a dama, ita 40 tana da 30 da 50. Saka 35, ta zauna a damar 30. Gaɓar 30 ta koma -1, 40 ta koma +1, 20 ta kai -2. Ta tsakiya cikin 20, 30, 40 ita ce 30. Juya dama a kan 40, sannan hagu a kan 20. Sakamako: 30 a tushe, 20 a hagunta riƙe da 10, 40 a damarta riƙe da 35 da 50.

Ga yanayin huɗu a haɗe, kuma za ka ga rassa biyu ne kawai, kowanne da ɗan gyaran gwiwa a cikinsa:

```python
def rebalance(z):
    update(z)
    if bf(z) == 2:
        if bf(z.left) < 0:
            z.left = rotate_left(z.left)
        return rotate_right(z)
    if bf(z) == -2:
        if bf(z.right) > 0:
            z.right = rotate_right(z.right)
        return rotate_left(z)
    return z
```

Gaɓoɓi da yawa sun nuna 2 a lokaci guda. Wacce zan juya?

Ta can ƙasa, wadda ta fi kusa da sabon ganyen. Koma bishiya mai gaɓoɓi bakwai da aka zana a sama ka saka 70 a damar 60. Idan ka sake lissafa komai kafin gyara, 50 tana -2, 40 tana -2, 20 ma -2. Mai zane a takarda yakan fara da tushe saboda nan idonsa ke fara sauka. Idan ka juya hagu a kan 20, 40 za ta hau, tushe ya yi kyau, amma 50, 60, 70 na nan a jere a ƙasa, 50 na nan a -2 ɗinta.

Yanzu fara daga ƙasa. Juya hagu a kan 50: 60 ta hau, 50 da 70 suka zama 'ya'yanta. Tsawon wannan reshe ya koma 2, daidai yadda yake kafin 70 ta shigo. Ba tare da ka taɓa su ba, 40 da 20 sun koma -1 ɗinsu na dā. Su da ma ba su da ciwo, na ƙasa ne ya shafe su.

To da gaske gyara ɗaya ya isa bayan kowace sakawa?

E, ko juyi ɗaya ko tagwayen juyi, a gaɓa guda. Kafin sakawa, z ta riga ta karkata da hawa ɗaya: gajeren reshenta na da tsawo `h`, dogon `h + 1`, ita kanta `h + 2`. Sabon ganye ya kai dogon `h + 2`, ita ta zama `h + 3`. Bayan juyi, gaɓar da ta hau tana da 'ya'ya biyu masu tsawo `h + 1` kowanne, don haka tsawonta `h + 2`. An koma gidan jiya. Duba misalan 10 da 35: hawa uku kafin sakawa, huɗu na ɗan lokaci, uku bayan juyi. Tunda tsawon reshen bai canza ba a idon na sama, babu ma'aunin da ya motsa a can, hawan ya ƙare.

Manhajar da ke kiran `rebalance` a kowace gaɓa har tushe ba ta yi laifi ba, kawai dai ba za ta sami abin gyarawa a sama ba.

Ba a ambaci yanayin da z take 2, y yake 0 ba. Ba ya faruwa ne?

A sakawa ba ya faruwa. Da ma'aunin y ya koma 0, da tsawonsa bai ƙaru ba, da z ba ta ji komai ba. A cirewa ne ake ganinsa, domin can gajeren reshe ne ke ƙara gajarta, ba dogon ne ke ƙaruwa ba. Juyi ɗaya ke gyara shi, kuma `rebalance` ɗin da ke sama ya riga ya kula da shi, tunda sai ma'aunin ɗa ya saɓa sosai yake yin juyin farko. Cirewa ta kuma bambanta ta wata fuska: juyi na iya barin reshe ya gaza tsawonsa na dā, sai matsalar ta hau sama, a yi ta juyi har tushe.

Na rubuta komai amma lambobi suna ɓacewa, ko bishiyar tana juyin da bai kamata ba. Ina zan duba?

Idan lambobi ne ke ɓacewa, kusan kullum an jefar da abin da juyi ya dawo da shi ne. An rubuta `rotate_right(z)` ba a ɗaura sakamakon a jikin uwa ko a `root` ba. A misalin LL, tushe zai ci gaba da nuna 50, wadda yanzu 40 da 70 kaɗai ke ƙarƙashinta. Su 30, 20 da 10 suna nan a ƙwaƙwalwa amma babu hanyar isa gare su. Idan kuma reshe ɗaya ne kawai ke ɓacewa, layin `z.left = y.right` ne aka manta ko aka sa shi bayan an riga an rubuta a kan `y.right`. Duka biyun suna da ƙarin illa: a na farko z da y za su riƙa nuna juna, a na biyu z za ta koma nuna kanta, nema ya yi ta zagaye ba ya ƙarewa.

Juyin banza kuwa yawanci daga tsarin `update` yake. Bayan juyi z ce a ƙasa, y a sama, dole a fara da z. A misalin nan, tsawon 50 da aka ajiye kafin juyi 4 ne. Idan ka fara sabunta 30, za ta ɗauki wannan tsohon 4 ta rubuta wa kanta 5, alhali 3 ne na gaskiya. Manhajar ba za ta yi ƙara ba, nema ma zai ci gaba da aiki. Sai dai uwar da ke sama za ta ga reshe mai tsawon ƙarya ta yi juyin da ba a buƙata, ko ma'auninta ya tsallake 2 a wuce shi ba gyara.

Akwai kuma batun lambobi masu maimaituwa. Wasu suna gane yanayi ta kwatanta sabuwar lamba da ta y: in ta gaza LL, in ta fi LR. Idan suka zo daidai, babu sharaɗin da ya kama, sai a wuce ba juyi. Duba alamar ma'aunin y ba ya da wannan rami. Sannan ka sani juyi ba ya mutunta dokar "daidai ta bi dama": saka 5, 5, 5, bayan juyin hagu ɗaya daga cikinsu tana hagu. Hanya mafi sauƙi ita ce kowace lamba gaɓa ɗaya, da ƙidayar sau nawa ta shigo.

Ta yaya zan gwada cewa nawa yana aiki?

Fara da 1, 2, 3 a dukkan jeri shida da za su iya shigowa. 3, 2, 1 zai ba ka LL. 1, 2, 3 RR. 3, 1, 2 LR. 1, 3, 2 RL. Biyun da suka fara da 2 ba sa buƙatar juyi. Duka shidan su ƙare da 2 a tushe, 1 a hagu, 3 a dama. Amma kada ka saki jiki da wannan, domin a bishiya mai gaɓa uku reshen tsakiya babu kowa a cikinsa, ko ka manta ƙaurar da shi gwajin zai wuce. Shi ya sa misalan 10, 35 da 45 suka fi kama ɓarna.

Daga nan saka 1 zuwa 7 a jere. Za a yi juyi huɗu, lokacin shigar 3, 5, 6 da 7, a ƙare da 4 a tushe da hawa uku cif. Daga 1 zuwa 1023 kuma hawa 10 za ka samu. Na ƙarshe, rubuta mai bincike wanda bai yarda da tsawon da aka ajiye ba, ka kira shi bayan kowace sakawa ta lambobi barkatai:

```python
def check(n):
    if n is None:
        return 0
    a, b = check(n.left), check(n.right)
    assert abs(a - b) <= 1
    assert n.height == 1 + max(a, b)
    return 1 + max(a, b)
```

Wannan siffa kaɗai yake dubawa. Haɗa shi da karanta bishiyar daga hagu zuwa dama, ka kwatanta abin da ya fito da jerin lambobin da ka saka bayan an tsara su: idan gaɓa ta ɓace ko reshe ya sauka a gurbin da ba nasa ba, a nan za ka gani.